Matamaye: A ina ƙaramin ɗan kasuwa zai ajiye imel ɗinsa?

Ga dillalin rake ko mai shagon kayan gini a Matamaye da ke jihar Damagaram, rasit ɗin da ya faɗa akwatin Spam na abokin ciniki a Kano na iya riƙe masa kuɗi har tsawon makonni. Hanyoyi uku ne a gabansa, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba.

Ta farko ita ce ya kafa sabarsa a shago. Wannan na buƙatar wuta dare da rana, alhali waɗanda suka ga yadda Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agustan 2023 sun san ba a dogara da ita. In saba ta mutu, masu aiko da saƙo kan yi ta gwadawa na kwana huɗu zuwa biyar, sannan saƙon ya koma. Ga kuma intanet ɗin waya, wanda ba ya bayar da tsayayyen adireshin IP mai rajistar PTR, abin da Gmail ke nema kafin ya amince da saƙo.

Ta biyu ita ce hayar akwati a Google Workspace ko Microsoft 365, don wasiƙun da mutum ke rubutawa da hannunsa. Ta uku, irin su Amazon SES da Brevo, ta saƙonnin da manhaja ke turawa da kanta ce, kamar rasit.

A ɗauki shago mai ma'aikata uku da ke fitar da rasit 100 a rana. Akwati uku a Workspace, kan kusan dala 7 kowanne a farashin Amurka, sun kama dala 21 a wata. Rasit 3,000 ta SES, kan santi 10 kowane dubu, santi 30 ne kacal, amma SES ba ya ba da akwatin karanta amsa. Saboda haka haɗa biyun ya fi: mutane a Workspace, rasit a ƙaramin reshe na adireshin shagon, don in an yi ƙorafi kan ɗaya kada ya shafa wa ɗayan baƙin jini. Dukansu da katin banki ake biya, kuma a nan ɗan'uwa da ke waje zai yi amfani, muddin rajistar na ɗauke da sunan shagon.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne tantancewa. Tun Fabrairun 2024 Gmail ke buƙatar SPF ko DKIM daga kowane mai aikawa. Layin SPF na Workspace shi ne:

```
v=spf1 include:_spf.google.com ~all
```

Suna ɗaya, layi ɗaya: in aka saka biyu, duka sun lalace. Don gwaji, a aika wa kai saƙo a Gmail, a danna Show original. In ba a ga PASS ba, kada a fara tura rasit.