Rahoton Mai Gwaji: Yadda Ake Kama Kuskuren da ke Cinye Aikin Ɗan Wasa

Mutumin da ya rubuta manhajar wasa shi kaɗai ba shi da ma'aikatan da za su taya shi farautar kuskure. Idan mai gwaji ya rubuto masa cewa "wasan ya mutu, komai ya ɓace", bai ba shi abin kamawa ba, domin ba a gyara kuskuren da ba a iya sake jawo shi da gangan. Ƙa'idar ɗaya ce da ta ɗakin binciken kimiyya: sakamakon da wani ba zai iya maimaitawa ba, bai zama hujja ba.

Bari mu ɗauki misalin wani wasan kwamfuta, inda ɗan wasa ke yawo da jakar kaya. Ga rahoton mai gwaji:

"Malam, na gwada fitowa ta 1.4 a kan Windows 11.
1. Na buɗe ajiyata ta mataki na 3.
2. Na zubar da duk kayan jaka da `Drop`.
3. Na danna `Save`, nan take wasan ya rufe kansa.
4. Na sake buɗewa na danna `Continue`, sai ya mayar da ni farkon wasa.
Na sa ran ci gaba daga mataki na 3. Na maimaita sau 10, duka haka ya faru. Da na bar abu ɗaya a jaka, na maimaita sau 10 lafiya lau. Fayil ɗin `save.dat` da yake 12 KB ya koma 0 KB. Na haɗo kwafinsa na kafin gwaji."

Mai karatu ya lura cewa abu ɗaya tak mai gwajin ya canza, wato kayan jaka. Wannan ya nuna wa mai manhaja inda zai duba: umarninsa na neman abu na farko a jakar, da bai samu ba sai ya tsaya cak.

Girman fayil kuwa shi ya bayyana ɓacewar aikin. A harshen Python, alal misali, `open("save.dat", "w")` kan share abin da ke cikin fayil tun lokacin buɗe shi. Tsohuwar ajiya ta tafi, wasan kuma ya mutu kafin ya rubuta sabuwa.

Saboda haka gyara biyu ake bukata. Na farko, a koya wa wasan karɓar jakar da ba komai. Na biyu, a riƙa rubuta ajiya a wani fayil na wucin gadi, sai ta kammala sannan a maye gurbin tsohuwar da `os.replace`. Idan aka tsaya ga na farko kaɗai, duk wani kuskuren da ya katse rubutu nan gaba zai sake cinye aikin ɗan wasa.