Takardar Neman Gudummawar Faɗaɗa Asibitin Unguwa: Yadda Ake Taɓa Zuciya Ba Tare da Gori Ba

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ci gaban unguwa ya san irin takardar da akan rubuta idan ƙaramin asibiti ya yi wa jama'a kaɗan. Takan fara da "mata na mutuwa kuna kallo", ta bi da tunatar da masu hali cewa dukiya ba ta shiga kabari. Niyyar marubucin mai kyau ce, ciwon abin ne ya sa shi zafi. Amma wanda aka tuhuma, kafin ya sa hannu a aljihu, kare kansa zai fara yi. Ko da ya ba da wani abu don kunya, ranar da aka dawo neman kuɗin rufi ba zai ɗaga waya ba. Gini kuwa ba da karo-karo ɗaya ake gama shi ba, shi ya sa gori ya fi yin ɓarna a nan fiye da neman taimakon gaggawa.

Mu ɗauki misalin da ake yawan gani: asibitin sha-ka-tafi mai ɗaki uku, ana son a ƙara masa ɗakin haihuwa da ɗakin hutawar mai jego. Ga yadda zan so takardar ta buɗe:

"Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwa. A asibitin unguwarmu, ɗaki ɗaya ake awon ciki, a cikinsa kuma ake karɓar haihuwa, labule ne kawai a tsakani. Idan naƙuda ta zo ranar awo, sauran matan sai su fita su jira a baranda, ko rana ake ko ruwa. Ungozomar tana iya ƙoƙarinta, wuri ne ya yi mata kaɗan. Mun yanke shawarar ƙara ɗaki biyu a filin da ke bayan ginin, kuma muna gayyatar ku mu gina su tare."

Ba a zargi kowa a ciki ba, kuma ba a ɓoye wahalar ba. Labulen nan ya isa: duk macen da ta haihu, da duk namijin da ya taɓa tsayawa a ƙofa yana jira, sun san me yake nufi. Ba sai an gaya musu yadda ya kamata su ji ba. An kuma nuna ma'aikaciyar a matsayin mai ƙoƙari, domin babu mai son zuba kuɗinsa a wurin da aka kwatanta masa kamar kango. Hoton mara lafiya kuwa, ko sunan wadda ta rasa jariri, a bar su sai da yardar mai abin, kuma ko da yardar, a tambayi kai: shin za ta ji daɗin jin ana karanta wannan a masallacin Juma'a? Hoton benci cike da masu jira, daga baya aka ɗauka, ya wadatar.

Bayan an taɓa zuciya, sai a ba hankali abin riƙewa, kuma a nan ne yawancin takardu suke faɗuwa. "Muna buƙatar miliyoyin naira" magana ce mai kashe gwiwa, domin mai dubu biyu zai ga nasa ba zai yi komai ba. A fasa ginin gunduwa-gunduwa da yaren magina. Ɗaki mai mita 4 da mita 5, tsayin mita 3, bangonsa murabba'in mita 54 ne. Bulo kusan 10 ke shiga murabba'in mita ɗaya, wato kimanin bulo 500 ke nan idan an cire ƙofa da tagogi, ban da na harsashi. Ɗaki na biyu ya ɗan ragu, tunda suna raba bango. Sai a jera siminti buhu kaza, rodi kaza, yashi tifa kaza, kwanon rufi bandir kaza, kamar yadda injiniya ko birkila ya ƙiyasta, a kuma sa kwanan watan da aka ɗauki farashin, saboda kuɗin siminti ba ya zama wuri ɗaya. Yanzu mai shayi zai iya cewa bulo goma nasa ne, mai tifa ya kawo yashi, kafinta ya ba da aikin yini biyu.

Jimlar "ko bulo ɗaya aka kawo, ya shiga bango" ba ado ba ce. A 1976 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Cialdini da David Schroeder, sun gwada irin wannan a neman taimakon gida-gida ga ƙungiyar yaƙi da ciwon daji. Da masu neman suka ƙara cewa ko kwabo ɗaya zai taimaka, rabin mutanen da aka tambaya suka bayar, alhali ba tare da jimlar ba masu bayarwa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Mutum yakan ƙi bayarwa ne sau da yawa don kunyar ƙanƙantar abin da ke hannunsa. Wannan ne ma ya sa nake ganin kiran sunaye da adadin kuɗi ta lasifika a wajen gidauniya yana korar mutane fiye da yadda ake zato. A rubuta a takardar cewa wanda ba ya son a ambaci sunansa, za a sakaya.

Wata shawara da nake ɗauka da muhimmanci: kada takardar ta fita asusun yana fanko. 'Yan kwamiti da wasu masu hali su fara zubawa, sannan a rubuta "an riga an zuba harsashi, bulo 300 suna ajiye a filin". John List da David Lucking-Reiley sun wallafa wani gwaji a 2002, wanda suka yi a wata jami'a a jihar Florida: da aka sanar da masu bayarwa cewa an riga an sami kashi 67 cikin ɗari na kuɗin, abin da aka tara ya ninka kusan sau shida a kan lokacin da aka ce kashi 10 kawai ke hannu. Mutane sun fi son ƙarasa abin da suka ga ya kama hanya.

Saura tambayoyin da mai karatu ba zai furta ba, amma suna ransa. Wa ke riƙe da kuɗin? Asusun banki ya kasance da sunan kwamiti, ba na mutum ɗaya ba, da masu sa hannu aƙalla biyu, sannan a faɗi ranar da za a karanta lissafi a gaban jama'a. Idan kuɗin bai kai ba fa? A raba aikin mataki-mataki: harsashi, ɗora bulo zuwa linta, rufi, sannan filasta da daɓe da ƙofofi, a kuma ce ɗakin haihuwa za a fara kammalawa. Tambaya mafi nauyi ita ce wa zai yi aiki a sababbin ɗakunan. A Najeriya ƙananan asibitocin gwamnati suna ƙarƙashin ƙaramar hukuma da hukumar lafiya matakin farko ta jiha, don haka a nemi amincewarsu a rubuce kafin a haƙa harsashi, a ambace ta a takardar. Ɗakin da aka gina babu ungozoma da gado, kulle shi ake yi.

Batun lada yana da wurinsa, domin da yawanmu don Allah muke bayarwa, kuma ginin da jama'a za su daɗe suna amfana da shi yana shiga sadaka mai gudana. A ambace shi a matsayin albishir, sau ɗaya, ba a matsayin bulala ba. Sai dai a yi hattara da kiran zakka: akasarin malamai suna ganin ba a sa ta a gine-gine, tunda an ƙayyade masu cin ta, don haka a tuntuɓi limami kafin a rubuta kalmar.

Ƙarshen takardar ya zama gajere: lambar asusu, wurin kai kaya, ranar da ake son a yi rufi kafin damina, da alkawarin cewa duk ƙarshen wata za a liƙa lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a bangon asibitin. A rufe da godiya ga wanda ya bayar da wanda bai samu iko ba, a roƙe shi addu'a da isar da saƙon ga wani, sannan shugaban kwamiti da ma'aji da jami'in da ke kula da asibitin su sa hannu.