Rubutun Taro Ba Sunaye: Yadda Sakatare Zai Fitar da Rahoto Ba Tare da Ƙirƙira Ba

Yanzu sakatarori da yawa sun daina rubutu da hannu a wajen taro. Ana ajiye waya a tsakiyar tebur ta naɗi muryoyi, daga baya manhaja ko wani mai buga rubutu ya mayar da sautin zuwa takarda. Sai ga shafuka cike da magana, amma babu sunan kowa. Ko manhajar da ke iya rarrabe muryoyi, sau da yawa iyakarta ta rubuta "Speaker 1" da "Speaker 2", kuma takan haɗe mutum biyu masu kamar murya, ko ta raba mutum ɗaya gida biyu idan ya matsa daga kusa da wayar.

Abin da zai fara sauƙaƙa wa sakatare shi ne tuna cewa rahoton taro ba labarin duk abin da aka faɗa ba ne. Aikinsa ya nuna abin da aka yanke, da wanda aka ɗora wa aiki, da ranar da za a gama. Mafi yawan muhawara ba ta buƙatar suna. "An nuna damuwa kan tsadar aikin" ya wadatar. Akwai ma tarukan da da gangan ake ɓoye mai magana, bisa ƙa'idar Chatham House ta birnin Landan wadda aka kafa a 1927: a yi amfani da bayanin, amma kada a bayyana wanda ya faɗe shi ko inda yake aiki.

Mu ɗauki misalin taron iyaye da malamai kan gyaran rijiyar burtsatse. Ga abin da ke takardar:

"Mai gyaran ya ce naira dubu 180. Kai, ya yi yawa, a nemi wani. Ma'aji, nawa ke asusu? Dubu 210. To ni zan kira shi kafin Juma'a. Shi ke nan, mun amince."

Sakataren da ya san mutanensa zai ji kamar ya gane kowa. Zai ce ai wane ne kullum ke kukan tsada, don haka shi ya ce "ya yi yawa". Nan ɓarnar take farawa, domin sanin hali ba shaida ba ne. Ranar da aka karanta rahoton, mutumin ya miƙe ya ce "ban faɗa ba", sauran abin da ke cikin takardar ma ya shiga zargi, har da gaskiyar da ke ciki.

Jimlar asusu fa? An kira ma'aji, amsa ta biyo baya nan take, kuma sunansa na cikin takardar mahalarta. Wannan alama ce mai ƙarfi, amma ba tabbaci ba, don mai yiwuwa mataimakinsa ne ya amsa daga littafin kuɗi. Kafin a tabbatar, a rubuta "an sanar da taro cewa akwai naira dubu 210 a asusu". Adadin kansa a sake sauraren sa, domin lambobi da ƙaramar kalmar "ba" suna cikin abubuwan da manhaja kan ɓata, kuma idan "ba" ta faɗi, ƙin amincewa na iya komawa amincewa.

Inda suna ya zama dole shi ne "ni zan kira shi". Aikin da ba a san mai shi ba, babu mai yin sa. Ga kuma wata tambayar: wa za a kira, tsohon mai gyaran don a nemi ragi, ko sabo? Haka nan "mun amince": da biyan dubu 180 aka amince, ko da neman wani? Takardar ba ta faɗa ba, bai kuma kamata sakatare ya cike giɓin da abin da ya fi masa daidai ba. Ya koma kan sautin a daidai wurin, ya saurara da abin kunne. Idan hayaniya ta rufe muryar, ya tambayi shugaban taron a ranar ko washegari, tun ƙwaƙwalwa ba ta huce ba. Tambayar ta zama a buɗe: "Ranka ya daɗe, wa ya ɗauki nauyin kiran mai gyara?" Kada ya ce "ai wane ne ko?", don mutane kan gyaɗa kai ga sunan da aka riga aka sa musu a baki.

Idan duk da haka ba a samu ba, daftarin ya fito da gaskiyarsa: "Tuntuɓar mai gyara kafin Juma'a. Mai alhaki: ba a tantance ba." A tura wa mahalarta su duba, a kuma adana sautin har sai zama na gaba ya amince da rahoton, shugaba da sakatare sun sa hannu.

A zaman na gaba kuwa, shugaba ya roƙi kowa ya faɗi sunansa kafin ya yi magana, kuma a ƙarshen kowane batu ya maimaita da ƙarfi kusa da wayar: an yanke kaza, wane zai yi, zuwa rana kaza.