Ranar farko a wurin aiki: yadda ake rubuta wa sabon ma'aikaci saƙon maraba da jadawali

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ƙaramin ma'aikacin da zai kama aiki ranar Litinin yana tafe da tambayoyi cike da ciki, amma kunya da ganin girman na gaba ba za su bar shi ya furta su ba. Ba zai kira manaja ya ce wace ƙofa zan bi, wane kaya zan sa, ina ake salla, yaushe ake biyan albashi ba. Shiru zai yi, ya yi ta kintace, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya yi kuskure a ga laifinsa. Amfanin saƙon maraba shi ne ya amsa waɗannan tambayoyi tun ba a yi su ba. Shi kuwa jadawali, aikinsa ya nuna masa abin da zai yi, da lokacin yi, da wanda zai tsaya masa.

Mu ɗauki misalin kamfanin da ke sayar da kayan masarufi a sari a Kano, ya ɗauki wata matashiya aikin ƙaramar akawu. An riga an ba ta takardar ɗaukar aiki, wadda ke ɗauke da albashi da sharuɗɗa. Saƙon maraba daban yake, kuma ba ya maye gurbin waccan. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da fara aiki, don haka kada a ɗauka saƙon waya ya sauke wannan nauyi.

Wanda za ta yi aiki a ƙarƙashinsa kai tsaye, wato babban akawu, shi ya fi dacewa ya rubuta saƙon. Ya tura shi ranar Laraba ko Alhamis, domin ta samu ranar aiki ko da guda ce ta ɗauko hoto, ta leƙa banki idan da buƙata. Saƙon da ya iso daren Lahadi ba abin da zai haifar sai fargaba. Ga yadda zai iya kasancewa:

"Assalamu alaikum, Malama. Barka da zuwa cikinmu, muna murna da samun ki. Ni ne babban akawu, tare za mu riƙa aiki. Za ki fara ranar Litinin da ƙarfe 8:00 na safe. Ki biyo ta ƙaramar ƙofar da ke gefen sito, domin babbar ta motocin kaya ce. Na bar sunanki wurin maigadi, kuma sakatariyarmu za ta tarye ki. Ki taho da hoto ƙarami guda 2, da lambar NIN, da lambar asusunki na banki, da ainihin takardun makaranta, a duba a mayar miki nan take. Ba mu da yunifom, shigar mutunci ta wadatar. Akwai wurin salla na mata a ciki, kuma muna hutu daga 1:30 zuwa 2:30. Ana tashi ƙarfe 5:00. Ba za ki biya ko sisi ba kan wani fom ko katin shaida. Idan wani abu ya tsare ki a hanya, ki kira ni a wannan lamba. Allah ya sa ki shigo a sa'a."

Saƙon gajere ne, amma kowace jimla a cikinsa tana kawar da wata damuwa. Ambaton ƙofa da maigadi ya hana ta tsayuwa a rana ana yi mata tambayoyi. Maganar cewa ba a biyan kuɗi tana da muhimmanci a wannan zamani da 'yan damfara ke sayar da aikin bogi. Akwai kuma abin da aka bari da gangan: babu tarihin kamfani, babu jerin laifuffukan da ake kora a kansu, babu lambar sirrin shiga kwamfuta. Lambar sirri hannu da hannu ake ba da ita, ta kuma canza ta a ranar. Haka nan a tura mata saƙon ita kaɗai, ba a zauren WhatsApp na ma'aikata ba, inda kowa zai ga bayananta idan ta mayar da amsa.

Sai jadawali. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kowane layi ya ɗauki lokaci, da sunan mutum ɗaya, da abin da za a gani an kammala. Layin da ya ce "zagayawa da sanin mutane" ba wanda ya ɗaure, shi ya sa ba wanda zai yi. Na ranar farko zai iya zama haka:

8:00, sakatariya ta tarye ta, ta nuna mata teburinta, da bayi, da wurin salla.
8:30, babban akawu ya zauna da ita rabin awa, ya bayyana mata aikinta da wanda take karɓar umarni daga gare shi.
9:00, jami'in kula da ma'aikata ya cike fom da ita, ya karɓi lambar asusu.
10:30, a gabatar da ita ga mutum 4 da aikinta ya rataya a kansu: kashiya, mai kula da sito, shugaban direbobi da manaja.
11:30, ta zauna kusa da kashiya ta ga yadda ake yanka rasit.
2:30, ta shigar da rasit 10 na ranar Asabar cikin littafi, babban akawu ya duba.
4:30, su zauna minti 15 ya ji abin da ya shige mata duhu.

A lura da aikin ƙarfe 2:30. Aiki ne na gaske amma ƙarami, kuma idan ta yi kuskure ana iya gyarawa ba tare da asara ba. Za ta koma gida da abin da za ta faɗa idan an tambaye ta me ta yi. Zaman fom ɗin ma ba na wasa ba ne. Kamfanoni da yawa suna rufe lissafin albashi kwanaki kafin ƙarshen wata, kuma duk wanda lambar asusunsa ba ta shiga ba sai ya jira. A nan ne kuma za a yi mata bayanin fansho: Dokar Fansho ta 2014 ta sa a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10. Idan ba a faɗa mata ba, ranar da kuɗi suka shigo za ta zaci an zaftare mata haƙƙi.

Sauran kwanakin mako ba sa buƙatar awa-awa, abu ɗaya babba a kowace rana ya isa. Talata ta yini a sito ta ga yadda kaya ke shiga da fita. Laraba ta koyi manhajar lissafi. Alhamis ta haɗa cinikin yini da kanta, ana kallo. Juma'a da safe, kafin a watse zuwa masallaci, a zauna a duba makon, a kuma tsayar da ranakun bita na wata 1 da wata 3, a faɗa mata ƙarara abin da za a auna ta da shi kafin a tabbatar da ita.

Ana gane tsarin ya samu matsala da wuri. Idan aka gan ta zaune tana latsa waya da hantsi, to wanda aka rubuta sunansa bai san an rubuta ba, shi ya sa wajibi ne a raba wa kowannensu jadawalin tun ranar Juma'a, a kuma tanadi mai maye gurbi. Idan tana yi wa mutum 3 tambaya ɗaya, ba a nuna mata wanda za ta riƙa tambaya ba ne. Idan kuwa komai aka ce sai ta ce "to", kada a ɗauka ta gane. Maimakon "kin fahimta?", a ce mata "nuna mini yadda za ki yi".

Don haka, ya kai shugaba, kafin ka tura saƙon ka ba ma'aikacin da ya fi kowa sabunta a wurinku ya karanta, ka tambaye shi abin da ya so a ce an faɗa masa ranar da ya zo. Abin da ya faɗa maka, ka ƙara shi a ciki.