Idan Excel ya nemi kaya bai samu ba

Wani ɗan'uwana mai shagon kayan masarufi na sari ya taɓa kirana da rana tsaka, murya a ɗage, wai kwamfutarsa ta lalace. Mai saye na tsaye, an loda masa kaya a mota, amma gurbin jimillar kuɗi a rasit ya ƙi nuna adadi, sai wasu haruffa: `#N/A`. Da na je na duba, kwamfuta lafiyarta ƙalau. Sabon sabulu ne aka kawo da safe, yaron shago ya rubuta lambarsa a rasit, alhali ba a shigar da shi cikin jerin farashi ba.

Ga yadda aikin yake. A shafi ɗaya mai suna `Farashi` akwai ginshiƙi uku: lambar kaya a A, suna a B, farashi a C. A shafin rasit kuma ana rubuta lambar kaya a A, yawan da aka saya a B, sai wannan umarni ya ɗauko farashi ya sa a C:

```
=VLOOKUP(A2,Farashi!A:C,3,FALSE)
```

Ma'anarsa ita ce: ɗauki abin da ke A2, ka nemo shi a ginshiƙin farko na jerin farashi, ka kawo abin da ke ginshiƙi na 3. Kalmar `FALSE` ta ƙarshe tana cewa sai lambar ta yi daidai sak, ba kusa-kusa ba. In ba a samu ba, Excel ya ce `#N/A`, wato abin da ka nema ba ya nan. Gaskiya ya faɗa, sai dai da harshen da yaron shago ba ya ji. Ga shi kuma cutar tana yaɗo, domin duk lissafin da ya jingina da wannan gurbi shi ma `#N/A` zai zama, har jimillar da ke can ƙasa.

Maganin shi ne a naɗe umarnin cikin wani umarni da zai tare wannan amsa ya musanya ta da magana:

```
=IFNA(VLOOKUP(A2,Farashi!A:C,3,FALSE),"Duba lamba")
```

In an samu kayan, farashi ya fito kamar kullum. In ba a samu ba, sai a ga "Duba lamba". `IFNA` ya zo ne da Excel na 2013, kuma Google Sheets ma ya san shi. Masu Excel na 2021 ko Microsoft 365 suna da `XLOOKUP`, wanda ya zo da gurbin saƙon a jikinsa, ba sai an naɗe shi ba. Waɗanda ke aiki da Excel na Faransanci, kamar a ofisoshin Maraɗi da Damagaram, za su tarar da sunayen sun zama `RECHERCHEV` da `SI.NON.DISP`, amma aikin ɗaya ne.

To, akwai yayan `IFNA`, wato `IFERROR`, wanda ya riga shi fitowa tun a 2007, kuma shi ne mutane suka fi sabawa da shi. Ni dai ba na son sa a wannan aiki, don shi duk kuskuren da ya zo haɗiye shi yake yi. A ce wata rana wani ya ga ginshiƙin sunaye bai da amfani ya goge shi. Jerin ya koma ginshiƙi biyu, umarni kuwa yana nan yana neman na uku. Excel zai ce `#REF!`, wato wurin da ka nuna mini babu shi. Da `IFNA` wannan ƙorafi zai fito fili, ka san tebur aka taɓa. Da `IFERROR` kuwa kowane layi zai ce "Duba lamba", ka wuni kana bin lambobin da ba su da laifi. Alamar gane wannan ita ce saƙon ya mamaye layuka duka a lokaci guda, har da sukarin da ka sayar jiya.

Wani zai ce, me zai hana a sa sifili maimakon rubutu, lissafi ya wuce salin-alin? Nan ne asarar take. Mu ɗauki rasit mai layi huɗu, da farashin misali. Sukari buhu 2 a kan naira 80,000, ya kama 160,000. Man gyaɗa jarka 1, 70,000. Taliya katan 5 a kan 18,000, ya kama 90,000. Sai sabulun nan, katan 4 a kan 15,000, wato 60,000. Kuɗin gaskiya 380,000 ne. In sabulu ya fito da sifili, jimilla za ta nuna 320,000, tsaf da ita, babu abin da zai ja ido. Mai saye ya biya ya tafi, sai ranar ƙidayar kaya a fara zargin yara. Gara ma `#N/A` ɗin da munin nasa, aƙalla ya tsayar da ciniki.

Shi ma rubutun yana da tasa wutsiyar. A ginshiƙin D ana ninka yawa da farashi, kuma ba a ninka 4 da "Duba lamba"; sai `#VALUE!` ya fito. Don haka D ma sai an gyara shi, ya yi ninkin idan adadi ne kawai a C:

```
=IF(ISNUMBER(C2),B2*C2,"")
```

Yanzu `SUM` zai yi aiki, tunda yana tsallake rubutu. Amma fa mun dawo kan 320,000 ɗin nan. Abin da na yi wa ɗan'uwana shi ne na sa mai gadi a kan jimillar kanta:

```
=IF(COUNTIF(C2:C40,"Duba lamba")>0,"Rasit bai cika ba",SUM(D2:D40))
```

Muddin akwai ko layi ɗaya da ba a samo farashinsa ba, adadi ba zai fito ba, sai dai a karanta cewa rasit bai cika ba, kuma ido na hawa sama zai ga layin da ya jawo.

Da farko "Babu wannan kaya" na rubuta a matsayin saƙo, daga baya na canza. Dalili kuwa, sau da yawa kayan yana nan daram a jeri, rubutun lambar ne ya sami tangarɗa. An rubuta `SK50` sai yatsa ya taɓa maɓallin tazara a ƙarshe. Ido ba ya gani, amma Excel yana gani. Gwajin mai sauƙi ne: `=LEN(A2)` yana ƙirga haruffa, in ya ce 5 maimakon 4, ka kama ɓarawon. Sa `TRIM(A2)` a madadin `A2` cikin umarnin yana share irin wannan tazara daga gefen rasit, amma in a jerin farashi take, can za a je a gyara. Haka nan lambar da ta ƙunshi alƙaluma zalla, kamar 1045, tana iya zama adadi a shafi ɗaya, rubutu a ɗayan, su ƙi gane juna. Yawanci wadda ta zama rubutu takan lafe a hagun gurbi, da ɗan koren tabo a kusurwa. Yaron da aka ce wa "babu" zai juya ya gaya wa mai saye babu, ga kaya jibge a sito. Wanda aka ce wa "duba lamba" kuwa zai sake dubawa.

Saura abu ɗaya da ya dame mu a ranar: layukan da ba a cika ba su ma duk sun ɗauki saƙon, domin neman gurbin da ba komai a ciki shi ma `#N/A` yake bayarwa, mai gadin jimilla kuma ya ƙi sakin adadi. Sai muka ƙara `IF(A2="","",` a gaban `IFNA`, muka rufe baka a ƙarshe, muka ja umarnin har layi na 40. Aka shigar da sabulu a jeri, rasit ya nuna 380,000.