Wasiƙa Zuwa Ofishin Kiwo: A San Takardar Da Ake Nema, A San Dokarta

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani abu da yawancinmu muke gudu, watau rubuta wa hukuma wasiƙa. Mun saba da gama ciniki da baki da musafaha, ko na miliyan nawa ne, shi ya sa in aka ce mana "ku je ku rubuto" sai mu ga kamar korarmu aka yi. To ba kullum kora ba ce. Ofis da takarda yake aiki, abin da bai shiga rajista ba kuwa kamar ba a faɗe shi ba ne. Za mu ba ku labarin abin da ya same mu, don wani kada ya faɗa ramin da muka faɗa.

A shekarar 2022 mu uku muka haɗa kuɗi muka sayi bajimai 64 a wata kasuwa ta arewa, lodin manyan motoci biyu, da niyyar kai su Nijeriya. Sai aka ce mana sai da takardar ofishin kiwo. Muka tafi wajen wani mai rubuta wasiƙu, muka ce ya rubuta mana neman izinin ƙetare iyaka da shanu. Shi kuwa bawan Allah, don ya ƙawata aikinsa, sai ya kawo dokar CEDEAO mai lamba A/DEC.5/10/98, wadda shugabannin ƙasashe suka sa wa hannu a Abuja cikin watan Oktoba na 1998. Muka ji lamba ta yi tsawo, muka ce lalle wannan wasiƙa ta yi nauyi. Muka miƙa ta ga wani da muka tarar a bakin ƙofa, muka koma muna jira.

Kwana tara ba amsa. Su kuwa bajimai ba su san jira ba. Tsakanin dusa da harawa da ruwa da ladan masu tsaro, kowane sa yana cin kamar jika guda a yini, watau jika 64 ke nan kullum, kwana tara ya kama jika 576, ban da ramar da suka fara. Da muka gaji muka nemi ganin likitan dabbobi da kansa, sai ya nuna mana kurakuranmu guda biyu, kuma dukansu namu ne.

Na fari, dokar da muka kawo ba tamu ba ce. Dokar 1998 ta makiyaya ce masu ƙetara iyaka neman ciyawa da ruwa su dawo. Ita ce ta kafa takardar ƙetare ta makiyaya, wadda ake rubuta yawan garke a ciki, da rigakafin da aka yi masa, da hanyar da zai bi, da mashigar iyaka, da inda zai sauka. Ita ce kuma ta ce a ƙetara da rana, makiyayi guda kada ya wuce shanu 50, kuma kowane garke ya kasance da makiyaya biyu ko fiye. Shanunmu kuwa na kasuwa ne, a mota za su, ba su dawowa. Abin da ya kamace mu shi ne takardar shaidar lafiya ta fitar da dabbobi waje, wadda likita ke bayarwa bayan ya duba su, sa'an nan a je wajen duwan. Mun nemi takardar wani, da dokar wani.

Na biyu, wasiƙarmu ba ta shiga rajista ba. Ba mu da lambar shiga, ba mu da kwafi mai hatimi, saboda haka ko da za mu yi ƙorafi, ba mu da abin nunawa.

Daga nan muka koyi cewa wasiƙa iri biyu ce, kuma gara a raba su. Akwai ta neman bayani, akwai ta neman izini. Wanda bai tabbatar da abin da ake bukata ba, ya fara da ta farko tun kafin ya zuba kuɗinsa a kara. Matambayi ba ya ɓata.

Ita wasiƙar neman bayani tana da madogara a Nijar. Akwai dokar ran 23 ga Fabrairu 2011 wadda ta ba ɗan ƙasa damar samun bayani da ganin takardun hukuma, in ban da waɗanda aka keɓe kamar na sirrin tsaro. Sunanta yadda ake buga shi a takarda shi ne Ordonnance n° 2011-22 du 23 février 2011. Da ita muka kafa hujja a wasiƙarmu ta biyu, ga kuma ma'anar abin da muka sa aka rubuta:

"Zuwa ga Shugaban Ofishin Kiwo. Magana: neman bayani a kan fitar da shanun kasuwa. Ranka ya daɗe, bisa ga dokar da muka ambata a sama, muna roƙon a sanar da mu a rubuce abu uku. Ɗaya, waɗanne takardu ake bukata don fitar da bajimai 64 a mota zuwa Nijeriya. Biyu, nawa ake biya a kan kowane kai, kuma wace doka ce ta yanke kuɗin. Uku, kwana nawa takardar lafiya take aiki bayan an ba da ita. Muna roƙon a haɗa mana da kwafin dokar. Mun gode."

Ku lura, ba mu ba da labarin wahalarmu ba, ba mu zargi kowa ba, ba mu ce "mun san 'yancinmu" ba. Tambaya uku ce, kowace ana iya amsa ta a layi guda. Tambaya ta ukun nan kuwa kada a raina ta, domin takardar lafiya tana da wa'adi, wanda ya karɓe ta alhali motarsa ba ta zo ba, yana iya isa iyaka da takardar da ta mutu.

Da muka san abin da ake so, sai muka rubuta ta neman izini. A nan dokar da ta dace ita ce babbar dokar kiwo ta ran 30 ga Yuni 2004, watau Loi n° 2004-048 du 30 juin 2004, wadda ta ƙunshi sha'anin lafiyar dabbobi da zirga-zirgarsu. Muka roƙi a turo likita ya duba shanu ya ba da takardar shaida. Muka faɗi yawansu da jinsinsu, cewa duka maza ne, da kasuwar da aka saye su, da inda suke ɗaure, da lambobin motoci biyu, da mashigar da za mu bi, da ranar da muke son lodi. Muka haɗa kwafin katin shaidar ɗan ƙasa na wanda ya sa hannu, da takardar kasuwancinsa, da rasit na kasuwa, da shaidar rigakafin ciwon huhu na waɗanda ke da ita. A ƙasan wasiƙa muka jera abin da muka haɗa ɗaya bayan ɗaya, don kada gobe a ce wani abu bai zo ba. Kwana biyu likita ya zo, ya ware sa guda mai tari ya ce a bar shi, ya rubuta 63. Muka yi lodin 63, domin in takarda ta ce 63 mota ta ce 64, to a kowane shinge sai an yi magana.

Yanzu ga yadda ake kawo doka a wasiƙa. Abu uku ake rubutawa tare: irin dokar, da lambarta, da ranar da aka sa mata hannu. Lamba kaɗai ba ta isa ba, don dokar majalisa da ta shugaban ƙasa da umarnin minista kowanne da jerin lambobinsa. In an ga dokar da ido, a ƙara da lambar ayar da ta shafi maganar. In ba a gani ba, kada a ƙaga, kuma kada a ɗauka daga bakin wani a tasha. Ma'aikaci ya san dokarsa, da ya ga aya ta karkace sai ya daina ɗaukar sauran wasiƙar da muhimmanci. Ana samun dokoki a Jaridar Gwamnati, ofisoshin kiwo kuma galibi suna da kwafi.

Sai kuma a tabbata dokar tana raye, kuma ba wani sabon umarni da ya hau kanta. Misali, ran 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala fita daga CEDEAO, saboda haka ko makiyayi ma ba zai kawo dokar 1998 ido rufe ba sai ya tambayi abin da ake aiki da shi a mashigar da zai bi. Haka nan cikin watan Mayu na 2025, gabanin babbar salla, ma'aikatar kasuwanci ta hana fitar da dabbobi waje. A irin wannan lokaci, ko wasiƙarka ta fi ta kowa kyau, takardar lafiya ba ta buɗe maka iyaka. Shi ya sa yau muke ƙara tambaya ta huɗu: shin akwai wani hani da ke aiki yanzu, in akwai, mece ce lambarsa da ranarsa?

Game da kaiwa, a yi kwafi biyu. A kai wa sakatare mai karɓar wasiƙu, ba mai gadi ba, ba ɗan kamasho ba. Ya buga hatimi a kan naka kwafin, ya sa rana da lambar shiga. Wannan kwafi a adana shi kamar kuɗi. A rubuta wa muƙami, ba sunan mutum ba, don ana canza ma'aikata, wasiƙar da ke da sunan wanda aka ɗauke tana iya kwana a aljihun tebur. A tambaya ko ana manna tambur, da na nawa. Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasit. In an ji shiru, a rubuta 'yar gajeruwar tunatarwa mai ɗauke da lambar shiga da ranarta. In har yanzu shiru, sai a rubuta wa na gaba da shi, a haɗa kwafin biyun farko. Ba a tsallake na ƙasa tun da fari, don can sama ma maido maka za a yi.

Abu na ƙarshe shi ne harshe. Ko da yake a shekarar 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, yawancin aikin ofis da Faransanci ake yin sa. Saboda haka duk wanda ya rubuta maka, sa wani dabam ya karanta maka da Hausa kafin ka sa hannu, musamman yawan shanu da lambar doka da sunan takardar da ake nema. Da mun yi haka a 2022, da mun ji kalmar makiyaya tun a layin farko mun ce a tsaya.

Muna ba shugabannin rassa shawara kowane reshe ya ajiye kwafin dokokin nan biyu, da samfurin wasiƙun nan, da duk amsar da wani ɗan ƙungiya ya samu a rubuce, don amsar mutum guda tana iya fid da mutum goma. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, amin.