Garin kiriyatin da gwajin ƙoda: idan takardar asibiti ta tayar da hankali

A ɗauki misalin matashi ɗan shekara 30 mai ɗaga ƙarfe, wanda kullum yake dama giram 5 na garin kiriyatin a ruwa don ƙarfin tsoka. Ya je an ɗebi jininsa, sakamako ya fito: kiriyatinin 1.5 mg/dL, alhali na yawancin maza bai cika wuce 1.3 ba. Lissafin ƙarfin tacewar ƙoda, wanda ake rubuta eGFR a takarda, ya nuna kusan 64. Nan take gabansa ya faɗi.

Kiriyatin da kiriyatinin uwa ce da ɗanta. Kiriyatin yana zaune a cikin tsoka, kuma kowace rana kusan kashi 2 cikin 100 nasa yana rikiɗewa ya zama kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa ta zubar a fitsari. Yawansa a jini yana iya nufin ƙoda ta gaza, yana kuma iya nufin dattin ne ya ƙaru. Mai kaurin damtse, mai shan garin nan, har wanda ya ƙoshi da tsire ko balangu kafin a ɗebi jini, duk nasu na iya hawa ƙoda kuwa lafiya lau.

A nan ne gwajin sistatin C yake raba gardama. Furotin ne ƙarami da kusan dukkan ƙwayoyin halittar jiki ke fitarwa a kai a kai, ƙoda kuma ta tace shi. Babu ruwansa da naman da aka ci ko garin da aka sha, kuma girman tsoka bai cika taɓa shi ba. Idan na matashinmu ya fito 0.8 mg/L, lissafi zai ba da kusan 118. Tazarar da ke tsakanin 64 da 118 tana nuna cewa tsoka da gari ne suka ɗaga lambar farko.

Sai dai shi ma yana da nasa cikas. Cutar tayirod, magunguna irin su firedinisolon, ƙiba da shan taba suna karkatar da shi, ga tsada, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba. Shi ya sa ƙa'idojin KDIGO na 2024 suka fifita haɗa gwaje-gwajen biyu a lissafi ɗaya inda ake son tabbaci.

Likita kan ƙara da gwajin albumin a fitsari: ƙasa da 30 mg/g shi ne daidai. Idan ya haura, ko sistatin C ma ya hau, musamman ga mai hawan jini ko ciwon sukari, to a daina ɗora wa gari laifi, a bincika ƙodar sosai.

Inda babu sistatin C, a faɗa wa likita ana shan kiriyatin, a ajiye shi mako huɗu zuwa shida, sannan a maimaita gwajin ba tare da an ci nama ko an ɗaga ƙarfe a jajibirin ranar ba.